Minti Biyun Farko: Yadda Ɗalibi Ke Gabatar da Kansa da Bincikensa a Taron Ƙara wa Juna Sani

Ɗalibin da ke karatun digiri na biyu ko na uku a jami'a ba ya kai ga miƙa kundinsa sai ya tsaya gaban malaman sashensa da 'yan uwansa ɗalibai ya bayyana aikinsa a taron ƙara wa juna sani, wanda ɗalibai suka fi kira semina. Yawanci akan yi irin wannan zama fiye da sau ɗaya: na farko lokacin da ɗalibi ke neman a amince da ƙudurin bincikensa, na baya kuma bayan ya tattaro sakamako. Akan ba shi minti goma sha biyar zuwa ashirin, gwargwadon tsarin sashen, sannan a buɗe fagen tambayoyi. Daga cikin wannan lokaci, abin da yake da shi na gabatar da kansa bai wuce minti biyu ba. A cikinsu ne zai faɗi ko shi wane ne, da abin da yake bincike a kai, da fannin ilimin da aikin ya faɗa ciki, da dalilin da ya sa aikin ya cancanci a yi shi.

Minti biyu na magana a natse ba su ɗaukar fiye da kalmomi 250 zuwa 300, wato ƙasa da shafi guda. Amma su ne ke yanke irin tambayoyin da za su biyo baya, domin malamin da ya ji gabatarwar yakan tsai da ma'aunin da zai auna sauran jawabin da shi tun kafin a kai ga hanyoyin gudanar da bincike. Idan ɗalibi ya yi alkawarin abin da ya fi ƙarfin aikinsa, da wannan alkawarin za a kama shi. Idan kuma bai fayyace fanninsa ba, kowane malami zai auna shi da mudun nasa fannin.

Ɓangaren gabatar da kai shi ne mafi sauƙi, kuma shi ya kamata ya fi gajarta. Ɗalibi ya gai da shugaban zama da malamai da sauran mahalarta a jimla ɗaya, ya faɗi sunansa, da matakin karatunsa, da sashensa, da sunan malamin da ke duba aikinsa tare da muƙaminsa, Farfesa ne ko Dakta. A wasu sassan akan bukaci lambar rajista ma, amma ita a allon majigi ta fi dacewa. Ambaton mai duba aiki ba ladabi ne kawai ba: yana sanar da masu sauraro gidan da aikin ya fito da irin hanyar binciken da za su yi tsammani. Abin da ke cinye lokaci a nan shi ne doguwar gaisuwa, inda ɗalibi zai bi malamai ɗaya bayan ɗaya da sunayensu da lambobin girmansu, ya gode wa iyaye da abokai, har minti ɗaya ya wuce bai taɓa batunsa ba. Godiya tana da shafinta a farkon kundi. Haka kuma neman afuwa tun ba a fara ba, irin su «ku yi haƙuri ban gama shiri ba», ba ya jawo sassauci, sai dai ya sa a fara neman gurbin da ba a shirya ba.

Sauran ukun, wato batu da fanni da muhimmanci, sun fi fitowa fili idan aka bi su da misali guda. A ɗauka wata ɗalibar digiri na biyu ce a tsangayar aikin gona ta wata jami'a a arewacin Nijeriya, tana aiki a kan wuta-wuta, ciyawar nan da wasu manoma ke kira ƙuduji. Nau'inta da ke addabar dawa da gero da masara shi ne wanda masana suka sa wa suna Striga hermonthica, mai fure jaja-jaja mai ratsin shuɗi. Akwai kuma Striga gesnerioides da ke kama wake. Rayuwar wannan ciyawa ce ta sa take da wuyar sha'ani. Irinta ƙanana ne kamar ƙura, tsiro ɗaya yana zubar da dubun-dubatarsu, kuma suna iya kwanciya a ƙasa fiye da shekara goma ba su mutu ba. Ba sa tsirowa don ruwa ya sauka kawai. Sai sun sami danshi da ɗumi na wasu kwanaki, sannan sun ji wani sinadari da saiwar shuka ke fitarwa. An fara ware irin wannan sinadari, mai suna sitirigol, daga saiwar auduga a shekarar 1966. Da zarar ƙwayar ta tsiro sai ta manne a saiwar hatsin tana zuƙar ruwa da abinci, kuma takan yi makonni tana wannan ɓarna a ƙarƙashin ƙasa kafin manomi ya ga kanta a sama. Ta fi ƙarfi a gonar da ta gaji, wadda takinta ya ƙare.

Akwai kuma shuke-shuken da saiwarsu ke fitar da sinadarin amma wuta-wutar hatsi ba ta iya rayuwa a jikinsu, kamar waken soya da auduga da gyaɗa. Ƙwayar sai ta tsiro ta rasa inda za ta kama, ta mutu cikin 'yan kwanaki. Wannan ne tushen dabarar sauya shuka: a noma waken soya bana, baɗi a noma masara a gurbinsa. Nau'o'in waken soya kuwa ba ƙarfinsu ɗaya ba wajen tayar da ƙwayar. A nan aikin ɗalibar ya tsaya.

Kuskuren da aka fi yi wajen faɗin batu shi ne ɗalibi ya ambaci fage ya ɗauka ya faɗi batu. Idan ɗalibar ta ce «bincikena a kan wuta-wuta ne», ba ta faɗi komai ba, don an yi shekaru da dama ana rubutu a kan wannan ciyawa ta fuskoki iri-iri. Idan ta ƙara da cewa «a kan magance wuta-wuta a gonar masara», ta matso, amma har yanzu mai sauraro bai san ko iri mai juriya za ta gwada ba, ko taki, ko maganin feshi, ko cirewa da hannu. Batu yana cika ne idan ya ƙunshi abin da za a sauya, da abin da za a auna, da wurin da za a yi aikin, da lokacinsa. A nata aikin, abin da za ta sauya shi ne shukar da ta gabaci masara: masara ce, ko waken soya nau'i na ɗaya, ko nau'i na biyu. Abin da za ta auna shi ne yawan wuta-wutar da ta fito a kowane fili a mako na 8 da na 10 bayan shuka, kamar yadda masu wannan bincike suka saba, da kuma nauyin hatsin da aka girbe. Wurin aikin gonakin manoma ne a ƙauyuka biyu, lokacin kuma damina biyu a jere.

Gwajin batu mai kyau shi ne a iya juya shi ya zama tambayar da ke da amsa fiye da ɗaya. Shin noma waken soya na damina ɗaya yana rage wuta-wutar da ke fitowa a masarar da ta biyo bayansa, kuma wanne daga cikin nau'o'in biyu ya fi ragewa? Amsar tana iya zama e, tana iya zama a'a, tana iya zama ɗaya ya rage ɗaya bai rage ba. Taken da ba ya juyuwa haka, kamar «Nazari a kan matsalolin noman masara», yawanci alama ce ta cewa ɗalibi bai gama yanke shawarar abin da zai yi ba. Ya kamata kuma a lura cewa karanta taken da ke allo kalma bayan kalma ba shi ne faɗin batu ba. Taken kundi an gina shi ne don ido, cike da sunayen kimiyya da na wurare. Kunne kuwa yana bukatar jimla mai aikatau, wadda ke cewa wance za ta gwada kaza don ta ga ko kaza zai faru.

Faɗin fanni shi ne ɓangaren da ɗalibai suka fi tsallakewa, suna ganin tunda a sashensu suke magana kowa ya sani. Amma batu ɗaya yana iya zama a gidaje da yawa, kuma kowane gida da irin hujjar da yake karɓa. Mai nazarin dabarun noma, fannin da ake kira agronomi, zai tambayi tazarar shuka da yawan taki da yadda aka tsara filayen gwaji. Mai samar da sababbin iri zai so ya ji yadda juriya ke gaduwa daga iyaye zuwa 'ya'ya, wato irin aikin da ya haifar da nau'o'in masara masu suna SAMMAZ da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya ke fitarwa, sau da yawa tare da cibiyar IITA da aka kafa a Ibadan a 1967. Masanin tattalin arzikin noma ba ruwansa da ƙirga ciyawa. Tambayarsa ita ce ko kuɗin waken soyan da ƙarin masarar baɗi sun biya masarar da manomi ya haƙura da ita bana. Mai nazarin aikin malaman gona kuma zai so ya san me ya sa wasu manoma suka karɓi dabarar wasu suka ƙi. Duk waɗannan malamai suna iya kasancewa a ɗaki ɗaya idan seminar ta tsangaya ce.

Saboda haka idan ɗalibar ta ce aikinta na agronomi ne, a reshen yaƙi da ciyawa, ta yi abu biyu a lokaci guda. Ta yarda a tuhume ta a kan tsarin gwajinta, misali me ya sa ta maimaita kowane tsari sau huɗu, har filayen kowane ƙauye suka zama 12, kuma ta yaya ta tabbatar cewa yawan irin wuta-wutar da ke ƙasa bai bambanta sosai daga fili zuwa fili ba tun farko. Sannan ta sami hurumin cewa lissafin riba da asara yana wajen farfajiyar bincikenta, ba tare da an ɗauke shi gudun tambaya ba. Wanda bai shata wannan iyaka a farko ba, idan ya zo shata ta a lokacin tambayoyi sai ta yi kama da fakewa. Aikin da ya haɗa fanni biyu shi ma yana da mafita: ɗalibi ya faɗi wanne ne gida, wanne ne aka aro kayan aiki daga gare shi.

Muhimmancin bincike shi ne inda gabatarwa ta fi lalacewa, kuma dalilin kusan ɗaya ne kullum: ɗalibi yakan bayyana muhimmancin matsalar a maimakon muhimmancin aikinsa. Ɗalibar tana iya cewa masara abincin miliyoyin mutane ce, wuta-wuta kuma tana jawo wa manoman Afirka asara mai yawa. Gaskiya ne, amma malaman da ke zaune sun san haka tun kafin ta shiga jami'a, kuma waɗannan jimloli za su dace da kowane kundi da aka taɓa rubutawa a kan ciyawar. Masanin harshe John Swales, a littafin da ya fitar a 1990 kan yadda masu bincike ke rubutu, ya nuna cewa gabatarwar maƙala takan bi matakai uku: a nuna fagen da abin da aka riga aka sani a cikinsa, a nuna giɓin da ya rage, sannan a nuna yadda wannan aikin zai shiga giɓin. Jawabin baka ma haka yake, sai dai kowane mataki jimla ɗaya ko biyu yake samu. Ɗalibai da yawa suna ƙare lokacinsu a mataki na farko.

Giɓi ba yana nufin «ba wanda ya taɓa yin wannan aiki» ba. Wannan jimla tana da haɗari, domin a cikin ɗakin ana iya samun malamin da ya duba irin aikin shekaru goma da suka wuce, ko ma shi ya yi shi. An daɗe ana gwada sauya masara da waken soya, kuma ɗalibar da ta yi bitar ayyukan da suka gabata ta san haka. Abin da za ta iya karewa ya fi wannan ƙanƙanta: cewa ayyukan da ta samu an yi su ne a wata irin ƙasa ko wani yanayin ruwan sama da ya bambanta da na ƙauyukanta, ko kuma ba a kwatanta waɗannan nau'o'in biyu kafaɗa da kafaɗa a gonar manomi ba. Daga nan sai ta faɗi wanda zai yi amfani da amsar da kuma shawarar da amsar za ta sauya. A nan malamin gona ne, wanda manomi zai tambaya wane irin waken soya zai saya idan gonarsa ta kamu.

Sai kuma girman alkawari. Idan ta ce bincikenta zai kawar da wuta-wuta, duk wanda ya san ciyawar zai tuna cewa irin da ke kwance a ƙasa fiye da shekara goma ba ya ƙarewa da waken soya na damina ɗaya. Kalmar da aikinta zai iya ɗauka ita ce ragewa. Haka nan damina biyu a ƙauyuka biyu ba za su ba da hukunci a kan arewa gaba ɗaya ba. Akwai ma wani abin da ya kamata ta sani kafin a tambaye ta: waken soya yana ƙara wa ƙasa sinadarin naitirojin, kuma ƙasa mai taki ita ma tana sassauta ɓarnar wuta-wuta. Idan masararta ta yi kyau, ba lallai ne don ƙwayoyin sun tsiro sun mutu ba. Yana iya zama ƙasar ce ta farfaɗo. Gabatarwar minti biyu ba wurin warware wannan ba ne, amma ɗalibar da ta san da shi ba za ta yi alkawarin gano dalili ba alhali gwajinta sakamako kawai yake aunawa.

Idan aka haɗa waɗannan, gabatarwarta za ta iya fitowa haka:

«Ranka ya daɗe shugaban zama, malamaina da 'yan uwana ɗalibai, assalamu alaikum. Sunana wance, ɗalibar digiri na biyu a wannan sashe, kuma Dakta wane ne ke duba aikina. Zan gwada ko noma waken soya na damina ɗaya yana rage wuta-wutar da ke fitowa a masarar da ta biyo bayansa, kuma in kwatanta nau'o'i biyu na waken. Aikin na agronomi ne, a ɓangaren yaƙi da ciyawa. Bai shafi lissafin riba ko samar da sabon iri ba. An riga an san cewa saiwar waken soya tana sa irin wuta-wuta ya tsiro ya mutu, kuma nau'o'in waken sun bambanta a wannan. A bitar da na yi ban sami inda aka kwatanta waɗannan biyun a gonakin manoma na yankin da zan yi aiki ba. Zan ƙirga wuta-wutar a mako na 8 da na 10, in auna hatsin da aka girbe, a ƙauyuka biyu cikin damina biyu. Amsar za ta taimaki malamin gona ya san nau'in da zai ba manomi shawara a kai.»

Wannan bai kai minti ɗaya da rabi ba. A yawancin sassan kimiyya na Nijeriya da Turanci za a faɗe shi, a Nijar da Faransanci, a sassan nazarin Hausa kuma da Hausa, amma ƙashin bayansa ɗaya ne. Abin da ke sauyawa shi ne mataki da masu sauraro. A zaman ƙuduri ana magana da «zan», a zaman bayan aiki kuma da «na gwada» da «na samu», kuma a nan ya dace babban sakamakon ya shigo cikin gabatarwar maimakon a ɓoye shi sai ƙarshe. Semina ba tatsuniya ba ce da za a riƙe wa mutane ƙarshenta. Idan taron na jama'a ne daga fannoni dabam-dabam, dole a ƙara jimla ɗaya ta bayanin yadda ciyawar ke rayuwa, a rage sunayen kimiyya. Gasar nan ta gabatar da kundi cikin minti uku, wadda Jami'ar Queensland ta Ostareliya ta fara a 2008 kuma ta bazu zuwa jami'o'i da yawa, a kan wannan horo aka gina ta: hoto ɗaya tak a allo, da masu sauraron da ba 'yan fannin ba.

Shirin da ya fi amfani shi ne ɗalibi ya rubuta gabatarwar, ya karanta ta da ƙarfi yana duba agogo, sannan ya faɗe ta ga wani ɗalibi na wani sashe ya nemi ya maimaita masa abin da ya ji. Idan abokin ya iya faɗin tambayar binciken da wanda zai amfana da amsar, gabatarwar ta tsayu. Idan abin da ya riƙe shi ne «wani abu a kan ciyawa», da sauran aiki. Hadda kalma da kalma tana da nata haɗarin, don wanda ya manta kalma ɗaya yakan rasa sauran. Ya fi aminci a riƙe jerin gaɓoɓin a kai, jimlar farko da ta batu kawai a hardace.

A ranar seminar, tambayoyin farko ne ke nuna inda gabatarwa ta yi rauni. Malamin da ya fara da «to, me kike son ki yi takamaimai?» yana nuna cewa batun bai fito ba. Wanda ya ce «wannan ai aikin 'yan tattalin arziki ne» ko ya nemi bayanan da gwajin bai tanada ba, fannin ne bai ji ba. Wanda ya ce «ba an riga an yi wannan ba?» ko «idan kin gama sai me?», giɓin da muhimmancin ne ba su gamsar da shi ba. Idan kuwa tambaya ta farko ta tafi kai tsaye ga faɗin filin gwaji, ko dalilin zaɓen mako na 8 da na 10, ko yadda za a bambance tasirin naitirojin da na mutuwar ƙwayoyi, to malaman sun karɓi batun da fannin da hujjarsa, sun koma kan yadda za a gyara aikin. Ɗalibin da ya rubuta waɗannan tambayoyi kamar yadda aka yi su, ya rarraba su gida-gida bayan zaman, zai ga jimlar da ke bukatar sakewa kafin semina ta gaba, kuma sau da yawa gyaran nan shi ne yake komawa cikin babi na ɗaya na kundinsa.